Takardar gwajin rubutun yara: haruffa sun ƙi haɗuwa, wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Malama 'yar aji biyu: Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa wa 'yan ajina takardun gwajin rubutun haɗe, na sauke wani salon haruffa na kwamfuta mai suna Playwrite NG Modern Guides daga Google Fonts tunda kyauta ne kuma da layukansa yake zuwa, amma a Word sai wasu haruffan su ƙi riƙe juna, musamman bayan o da w kamar a "wando", wutsiyar o na sama harafin gaba na jira a ƙasa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa min yadda ya ƙare.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Malama. Ni matse su nayi, na rage tazarar haruffa a wajen Spacing har suka taɓa juna, shikenan.

Mai shagon firintin: Baban Khalifa taɓawa daban haɗuwa daban, in ka matse sai a ta hau kan n yaro ya kwafi abin da ba shi ba. Malama ki mayar da Spacing ɗin Normal. Abin da ke faruwa shine irin wannan salon kowane harafi yana da siffa fiye da ɗaya a ciki, o da w daga sama suke miƙa hannu, a da n kuma daga ƙasa, to sai manhajar ta duba maƙwabcin harafi ta zaɓo siffar da ta dace, kuma Word a kashe yake barin wannan. Ki zaɓi rubutun duka, ki danna Ctrl+D, ki shiga Advanced, ki sa alama a Use Contextual Alternates, Ligatures kuma ki sa Standard Only. Daga Word 2010 zuwa sama akwai shi. LibreOffice shi da kansa yake kunnawa. Sannan don girman Allah ku riƙa kawo mana PDF, kullum sai an kawo min fayil ɗin Word a filash, kwamfutata ba ta da salon sai ta musanya da wani, layuka su ɓace, a ce ni na ɓata aiki.

Ummu Hanan: Nima ina so, na allo ne? Yarana ba su iya haɗa baƙi ba har yanzu, ba da ta da sa duk ɗaya suke musu.

Malama 'yar aji biyu: Na boko ne Maman Hanan. Mai shago Allah ya saka, wando ya haɗu 😂

Tsohon hedimasta: Ni inda na sha wuya ƙ da ɗ da ɓ ne. Wani salo na saya da kuɗina mai ɗigo-ɗigo da layi, na buga "ƙofa" sai ƙ ta fito baƙa ƙirin irin ta littafi, layin ya yanke a kanta ya ci gaba daga o, ashe babu harafin a ciki kwamfuta aro ta yi daga wani salon. Yanzu kafin komai sai na rubuta ɓera ɗaki ƙofa na ƙura ido. In madanninki ba shi da su ki rubuta 0199 ki danna Alt+X ƙ zata fito, ɗ 0257, ɓ 0253. 'Yan aji ɗaya kam Andika nake musu, yana da su duka, sai dai ba haɗe bane kuma layin da kanka zaka ja.

Sai maganar ta ina ake fara harafi, wannan ɗigo ba ya koyar da shi. Na ga yaro ya bi ɗigon d tsaf amma daga saman sanda ya faro kamar b, takarda tayi kyau, ranar da aka ce ya haɗa "da" hannu ya rasa ta inda zai fita. d daga cikin c take farawa, a zagayo, a hau sama, a sauko kan layi. Shi yasa nake haɗa c a d g o a shafi ɗaya, na ɗiga jan biro a mafarin kowanne kafin na raba.

Ɗan Maradi: Mu nan lakwal layin Seyès ne a kaye, wato littafin rubutun yara, tazarar milimita 2, babban layi duk milimita 8. a tazara ɗaya take ci, d da t biyu, l da b uku. Na buga da Playwrite FR Trad ya fito ƙarami bai zauna kan layin kaye ba, ashe Fit aka danna wajen bugawa maimakon Actual size. Ku sa rula kan takardar farko ku auna.

Baban Khalifa: To ni dai tambayata lanƙwasar ɗ a rubutun haɗe yaushe ake yinta, ana hawa sandar ko sai an gama kalma a dawo kamar ɗigon i?

Tsohon hedimasta: Ni a ƙarshe nake sa su dawo su ɗora.

Malama 'yar aji biyu: Kai Baba mu kuma a hawa ɗaya aka koya mana, in ka bari sai ƙarshe rabinsu mantawa suke, ɗaki ya koma daki.