Neman kalmar Hausa: "fayindin" da matakansa a takardar binciken kariya

Jami'ar Kariya, Sharaɗa: Salamu alaikum. Ranar Litinin zan miƙa takardar binciken cikin gida ta masana'antarmu ta roba da Hausa, don shugabannin sashe su riƙa cikewa da kansu. Tambayoyin na gama. Abin da ya tsaya min shi ne fassara kalmomin Turanci: "fayindin", wato matsalar da bincike ya gano, da matakansa "meja", "maina" da "obzabeshin", wato babba, ƙarami da wanda aka lura da shi kawai. Na sa "laifi", raina bai kwanta ba.

Injiniya: Hajiya, cire "laifi". Da mai kula da inji ya ga an rubuta babban laifi a sashensa, zai ɗauka takardar kora ce ke tafe, wani zagayen kuma komai zai ɓoye miki. Tsari ake bincika. Ni "giɓi" nake cewa, tazara tsakanin abin da ƙa'ida ta ce da abin da aka tarar.

Ɗan Kwari: Ai duba-gari ke nan. Mu da suka zo layinmu tara kawai suka yanka.

Jami'ar Kariya: Alhaji, wannan mu ke duba kanmu kafin na waje su zo, babu tara.

Malamin Hausa: Giɓi na haƙori ne da katanga. Ina ba da shawarar "tonau", daga tono, a ma'aunin ganau da jiyau. A matakan kuma muna da wajibi da mustahabbi, me zai kai mu aro?

Injiniya: Malam, ganau mutum ne, tonau ma mutum zai zama, wato ita Hajiya, mai tonon asiri. Sunan da ake gudu ke nan. Bari in kawo misali, don sai an san abin kafin a raɗa masa suna. A ce akwai tukwanen kashe gobara 14. Kin tarar ɗaya kwanan sabis ɗinta ya wuce, sauran lafiya, rajista na nan ana cikewa. Wannan ƙarami ne, tsarin na aiki, sau ɗaya aka yi tuntuɓe. In kuwa 9 ne suka wuce, kika nemi rajista babu, kika tambayi wa ke da alhaki kowa na nuna wani, to babba ne, tsarin ne babu. Shi ya sa tambayar takarda kada ta zama "akwai tukunyar kashe gobara?" Kowa e zai ce. A rubuta: allurar ma'aunin tukunyar na kan kore? Fil da hatiminsa na nan? Wane kwanan wata ke jiki? A bar gurbin rubuta abin da ido ya gani.

Mai Walda: Wato yawa ne ma'auni. Ɗaya ƙarami, da yawa babba.

Injiniya: Rabin gaskiya ne. Ƙofar gudun gobara guda ɗaya tak, an garƙame ta da kwaɗo da dare don gudun sata, ma'aikata na ciki. Ɗaya ce, amma in wuta ta tashi rayuka ne. A jadawalin auna haɗari na 5 sau 5, yiwuwa 2 sau muni 5 ya ba da 10 cikin 25, sai ta faɗa tsakiya, wani ya ba ta wa'adin gyara na wata guda. Ni duk abin da muninsa ya kai 5 ba na bin lissafi, a cire kwaɗon kafin in bar wurin.

Jami'ar Kariya: To matakai huɗu ke nan, ba uku ba. ISO 45001, ƙa'idar duniya ta lafiya da kariyar ma'aikata, ita kanta ba ta raba meja da maina ba, masu ba kamfanoni takardar shaidar bin ta ne ke rabawa, don haka muna da damar tsara namu.

Malamin Hausa: Kun ga, na sama wajibi, na ƙasa mustahabbi. Amma da yake ba daga Turai ya zo ba, ba zai yi muku daɗi ba. Boko ya sa kuna jin kunyar harshenku.

Mai Walda: Allah gafarta Malam, wajibi da mustahabbin ma ai daga Larabci aka aro su.

Malamin Hausa: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida.

Jami'ar Kariya: Malam, matsalar mustahabbi ita ce wanda ya bari ba shi da zunubi, ƙaramin giɓi kuwa dole a gyara shi a cikin wa'adi. Sannan ba duk ma'aikatanmu ne Musulmi ba. Ga abin da zan buga: "A tsaya", a dakatar da aikin a gyara nan take. "Babban giɓi", mako ɗaya, tare da gano musabbabi. "Ƙaramin giɓi", kwana 30. "Abin lura", bai karya ƙa'ida ba tukuna, kamar wayar lantarki da ta fara goguwa.

Injiniya: Wa'adin naku ne, manaja ya sa hannu. Amma waya mai goguwa ni ƙaramin giɓi zan ba ta.

Malamin Hausa: "Abin lura" na yarda. Giɓi kam ku buga, ba da yawuna ba. Ita takardar fa, me za ku kira ta?

Jami'ar Kariya: Yara "cekilis" suke cewa. Ni "takardar dubawa" na rubuta a sama, sai in ga wanda zai zauna a bakinsu.