Dan Allah a taya ni gyara saƙon ɗage ranar ganin likita

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah shawara nake nema. Yarinyar da ke zaune a risefshan ɗinmu tana da himma wlh, amma saƙonnin da take tura wa marasa lafiya in an canza musu rana su ne ke jawo mana surutu, wasu su zo ranar da aka soke wasu su kira hankali tashe. Ga wanda ta tura wa wata baiwar Allah mai ciwon suga: "Slm hjy likita ba zai samu ganinki gobe ba sai dai ki zo 20/3 akwai maganar da ta taso ngd". Ni aka ba aikin in tsara mata yadda za ta riƙa rubutawa, to ta ina zan fara?

Anti Larai: Wa alaikumus salam. Maman Hanif ki fara da cire "akwai maganar da ta taso" ɗin nan, ita ce ta fi komai ɓarna. Matar da aka ɗebi jininta kwanan baya tana jiran sakamako, ki ce mata magana ta taso, ai ba za ta yi barci ba, ita a ranta an ga wani abu ne a gwajin ana ɓoye mata. Alhali ƙila likitan ne kawai aka sa shi tiyata ranar. Sai na biyu "gobe". Ke kin san ranar da kika tura, ba ki san ranar da za a karanta ba, waya na iya mutuwa ba caji ko netwok ya riƙe saƙon sai washegari ya shiga, to goben wa kenan? A rubuta sunan rana da kwanan wata, na tsohuwar da na sabuwar, watan kuma da sunansa ba da lamba ba. Wannan 20/3 ta yi sa'a ma babu wata na 20, amma ranar da ta rubuta 3/4 wani zai zo 3 ga Afrilu wani ya ɗauka 4 ga Maris ne. Kuma ba ta faɗi ƙarfe nawa ba, ba ta ce daga wane asibiti ba ne.

Bala Direba: Ni fa abin da ke ƙona min rai shi ne a ba ka ƙarfe 9 ka je ka zauna sai bayan azahar a kira katinka. Wancan watan haka na kai mahaifiyata muka wuni a benci. In za a gyara a gyara nan.

Maman Hanif: Malam Bala gaskiyarka ce amma wannan maganar layi ce, ni ta saƙon nake, wanda ake turawa tun kafin mutum ya baro gida.

Bala Direba: Au to. Ai mu ko saƙon ma ba a turo mana, sai mun je mu tarar likita bai zo ba.

Anti Larai: To ga yadda ni zan rubuta shi, ki gani:

"Assalamu alaikum. Daga Asibiti Kaza ne. Mun mayar da ranar ganin likitanku daga Talata 11 ga Maris zuwa Alhamis 20 ga Maris, ƙarfe 9 na safe, a ɗakin da kuka saba. Canjin daga wajenmu ne, likita ba zai zauna ranar Talata ba. Ku yi haƙuri da wannan ɗawainiya. In sabuwar ranar ta yi muku ku amsa da EH, in ba ta yi ba ku kira wannan lambar mu nemo wata. In maganinku zai ƙare kafin ranar, ko jiki ya matsa, kada ku jira, ku kira mu ko ku zo."

Kin ga na yi amfani da "ku", ya fi ladabi kuma ba sai ta tsaya canza ka da ki ba, dan a nan ake yawan kuskure in ana kwafar saƙo ɗaya ana turawa mutane da yawa, sai ka ga an ce wa dattijo "ki zo".

Sagir: Ya yi kyau Anti, amma ni da na ƙara "ku kwantar da hankalinku, sakamakonku lafiya lau". Ai tunda so ake hankalin mutum ya kwanta a faɗa masa kai tsaye mana.

Anti Larai: A'a Sagir, wannan kam kada a kuskura. Yarinyar risefshan ba ta buɗe fayil ba, ko ta buɗe ma ba ita ke fassara sakamako ba. In ta rubuta lafiya lau matar ta zo likita ya ce sugan ya hau sai an canza magani, wa ya yi ƙarya? Asibitin. Kuma wani yana ganin lafiya lau zai ce to me zan je yi, shikenan ya ƙi zuwa. Abin da ta sani tabbas shi ne dalilin ɗagewar, to ta tsaya a nan: "canjin daga wajenmu ne". In kuma likita ne ya ce a matso da ranar kusa saboda abin da ya gani, wannan ba aikin saƙo ba ne, nas ko likitan ne zai kira da baki.

Sagir: Na yarda da wannan. To amma ga nawa fannin. In WhatsApp ne saƙon Anti ba matsala, in kuma SMS ne ya yi tsawo. SMS ɗaya harafi 160 yake ɗauka, har da tazara da aya. Kuma abin da mutane ba su lura ba, da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ta shiga ko guda ɗaya ce, sai ya koma 70, dan waɗannan haruffan ba sa cikin jerin da SMS ke ɗauka a sauƙaƙe, haka ma emoji. Sai saƙon ya kasu gida da yawa, kuɗin ya ninka, a wasu ƙananan wayoyin kuma harafin ya fito ɗan akwati. Dan haka na SMS a cire ƙugiya, kamar haka:

"Asibiti Kaza: mun mayar da ganin likitanku daga Talata 11 Maris zuwa Alhamis 20 Maris, 9 na safe. Canjin daga wajenmu ne. Ku amsa EH ko ku kira mu."

Wannan ya shiga ɗaya, amma da ƙyar, in sunan asibitin na da tsawo zai tsallaka.

Anti Larai: Na ga ka yanke layin magani ai. Gara a biya saƙo biyu da a cire shi. Mai suga ko hawan jini galibi maganin da aka rubuta masa an auna shi ne zuwa ranar dawowarsa, ka ɗaga masa kwana 9 ba ka ce komai ba, sai ya zauna kwana 9 ba magani yana jiran ranar, dan shi a ganinsa an ce kada ya zo. Akwai kuma gwajin jinin da ake yi ba a karya ba. In tsohuwar ranar akwai shi, a maimaita a sabon saƙon, a ce "ranar Alhamis ku zo ba ku ci komai ba tun dare, ruwa kawai, ranar Talata kuwa ku ci abincinku ku sha maganinku yadda kuka saba". In ba haka ba za ka samu tsohuwa ta zauna da yunwa ranar da aka soke. Yadda zai yi da maganin suga safiyar gwajin kuwa nas ce za ta faɗa, risefshan ta kwafa yadda aka ba ta.

Sagir: Toh, saƙo biyu ɗin. Sai dai a sani in an haɗa biyu kowanne 153 yake ɗauka ba 160 ba. Kuma in ta intanet asibitin ke turawa da sunansa a sama ba lamba ba, ba a iya amsa irin wannan, dole a rubuta lambar a ciki.

Ummu Salma: Ni tsorona daban. Wayar da yawa ba ta mara lafiyar ba ce, ta miji ce ko ɗa ko maƙwabciya. Ƙanwata an taɓa turo mata tuni a wayar mijinta da sunan sashen da take zuwa ɓaro-ɓaro, a gaban mutane aka karanta mata, har yau tana jin abin. Dan Allah Maman Hanif ki ce kada a saka sunan ciwo, ko sashe, ko sunan gwaji. Sunan asibiti da rana ya isa. Kuma kada a tara marasa lafiya a gurup ɗaya dan a huta, kowa zai ga lambar kowa.

Maman Hanif: Wlh kuwa ta taɓa kawo shawarar gurup na hana. Broadcast fa?

Sagir: Broadcast ba ya nuna lambobin sauran, amma sai wanda ya ajiye lambarku a wayarsa ne zai samu. Wanda bai ajiye ba saƙon ba zai je ba, ku kuma kuna ganin kun tura.

Maman Hanif: To sunan mara lafiyar fa, a saka ko a bari? Dan gida ɗaya mutum uku na iya ba da lamba ɗaya.

Ummu Salma: Ni dai a bari. A sa lambar kati.

Anti Larai: Lambar kati mutum nawa ne suka haddace ta Ummu? Ni ina ganin sunan farko kawai ba laifi tunda ba a faɗi ciwo ba. Mafi kyau dai a tambaya tun ranar buɗe kati, wannan lambar taki ce ko ta wani, kuma kin yarda a turo saƙo ta nan? A rubuta a katin. Wanda ya ce a'a sai kira.

Ummu Salma: Hmm, ga asibitin da kowa ya san abu ɗaya yake dubawa, suna da sunan asibitin ma ai sun gama faɗin komai. Ban gamsu ba gaskiya.

Bala Direba: Mahaifiyata dai ba ta karatu, duk wannan tsarin sai an karanta mata. Ku riƙa kira mana.

Anti Larai: Nan kam ka yi magana Malam Bala. Duk wanda bai amsa EH ba zuwa yammacin ranar da aka tura, a kira shi, shi ya sa ake son ta riƙe takarda da jerin sunaye tana sa alama. A wayar ma kada ta ce "kin gane ko" a ce mata eh, ta ce "Hajiya wace rana za ki zo ke nan?" ta ji an maimaita Alhamis 20 ƙarfe 9. In kuwa ranar da aka soke gobe da safe ce, a fara da kira, saƙo ya biyo baya dan ya zama a rubuce. Sannan Maman Hanif, kafin ta ɗaga wa kowa rana ta kai wa nas jerin ta duba, akwai waɗanda ba a ɗaga musu mako guda haka kawai, mai awo da cikinta ya tsufa, mai zuwa wankin ciwo ko cire ɗinki, mai allurar da ke da lokacinta. Waɗannan a nema musu wani likitan ranar.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai. Zan yi mata kala uku in manna a gefen teburinta, na ɗage rana, na canza awa kawai, da na canza likita rana na nan. Maganar suna zan kai wa shugabar nas-nas ta yanke. Sagir ka turo min na SMS ɗin da layin magani a ciki in gwada a ƙaramar waya tukuna.

Sagir: Toh Maman Hanif, bari in ƙirga haruffan in turo.