Taƙaitawa: yadda za a ba kwastoma amsa in firijinsa ya lalace a cikin garanti

1. A tattaunawar da aka yi kan wannan, kusan kowa ya yarda ka fara neman rasit da lambar da ke jikin firijin, don daga ranar saye ake lissafin garanti.

2. Ka gaya mishi a fili abin da garanti ya ɗauka, wato matsalar da ta fito daga kamfani, kamar kwamfireso ya tsaya haka kawai. Faɗuwa, ko in wani makanike ya riga ya buɗe shi, galibi ba sa ciki.

3. Inda aka rabu shi ne ƙonewa saboda wuta ta zo da ƙarfi, wasu sun ce a faɗa mishi tun farko garanti bai ɗauka ba, wasu sun ce a bari injiniya ya duba tukuna kuma ni ma nan na fi karkata, don ta waya ba ka san me ya ƙone ba.

4. Kar ka yi alkawarin sabo kafin a duba. Faɗi ranar da za a zo, da kuma wanda zai biya kuɗin ɗauko shi.