Idan agogo ya ce bugun zuciyarki ba daidai yake ba

Ga abin da aka tsayar a tattaunawar ma'aikatan lafiya a Garwa, kan tambayar wata hajiya game da abin da ya kamata ta yi, bayan agogonta na hannu mai auna bugun zuciya ya yi mata gargaɗi sau biyu cikin mako guda.

Agogon koren haske yake haskawa a fata, ya auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Idan tazarar ta rikice sau da yawa alhali mutum na hutawa, sai ya yi zargin AFib, wato karkarwar ɗakunan zuciya na sama. Zargi ne kawai: sakwakkwen ɗauri, rawar hannu, ko ƙarin bugu marar illa duk suna ruɗa shi.

Aka ce: Hajiya, ki rubuta rana da lokaci, ki ɗaure agogon sosai, ki zauna shiru. In yana da ECG, wato gwajin da ke zana yadda zuciya ke bugawa, ki ɗora yatsa a kan agogon daƙiƙa 30, ki adana sakamakon. Cikin 'yan kwanaki ki je asibiti a yi gwajin zuciya mai layi 12. Ko ya fito lafiya, ciwon yana zuwa yana tafiya, don haka likita kan maƙala na'urar Holter, mai naɗar bugun zuciya na tsawon awa 24. Haɗarinsa gudan jini ne da ke jawo shanyewar ɓarin jiki, amma kada ki fara shan asfirin da kanki.

Ciwon ƙirji, suma, sarƙewar numfashi ko karkacewar baki kuwa, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.