Widal ta sake cewa taifod, karo na uku kenan bana

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Yarona shekararsa 14, sau uku kenan bana ana mai Widal ana cewa taifod ne, kullum 1/160 take nunawa. Yau kwana biyar yana zazzabi, jiya da dare na fara ba shi sifro daga kemis. Likita ta ce a yi kalca na jini, ga tsada kuma wai sai an yi kwanaki sakamako ya fito. Dole ne sai an yi?

Hajjaju: Wslm, Allah ya ba shi lafiya. Ni dai sifron nan ya daina aiki wlh, ki ce su mai allurar seftiriyazon kawai ta kwana uku da ƙarin ruwa, tas zai miƙe.

Ɗan Lab: Maman Biyu ki yi kalcar, kuma gobe da safe in da hali. Widal ba ƙwayar cutar take gani ba, martanin da jiki ya yi take aunawa, shi kuma wannan martanin yana daɗewa a jini bayan an warke, ga shi maleriya ma da wasu ƙwayoyin ciki 'yan uwan taifod suna iya ɗaga shi. A inda cutar ta yi yawa irin wajenmu sai ki ɗebi jinin mutum lafiyarsa ƙalau ki ga 1/80 ko 1/160. To abin da ya tsaya min a rai a maganarki shi ne lambar ba ta motsa ba sau uku. Asalin yadda ake karanta Widal sau biyu ake ɗiban jini, tsakani kwana 10 zuwa 14, a ga ko ta ninka huɗu, misali daga 1/80 ta koma 1/320. Wa yake yin haka a nan? Babu, ana kallon takarda ɗaya sai a rubuta magani.

Ita kalca jinin ake zubawa a kwalba a aje a ɗumi a ga ko ƙwayar za ta tsiro, in ta tsiro sai a gwada ta da magunguna ɗaya bayan ɗaya a ga wanne yake kashe ta. Wannan ɓangaren ne kike biya wa kuɗi gaskiya. Yawanci kwana biyu zuwa uku ake fara ganin alama, amma ba a cewa babu komai sai an jira kamar biyar zuwa bakwai.

Maman Biyu: To Malam in ta fito babu komai shi kenan ba taifod ba ne?

Ɗan Lab: A'a fa, nan ne matsalarta. Ko masu taifod na gaske kusan rabi ko sama da haka kaɗan take kamawa, don ƙwayar ba ta da yawa a jini. Satin farko ya fi kyau kuma kina ciki har yanzu, sai dai sifron da ya sha ya rage damar. Ki faɗa wa likita ƙarfe nawa ya sha da guda nawa, ki tambaye ta ko a ɗebi jinin kafin ya ƙara sha, kar ki yanke da kanki. Kuma kar ki hana su ɗiban jini da yawa, iyaye suna ganin sirinji ya cika sai faɗa, alhali babba wajen mililita 10 ake so, ɗan ɗigo asarar kuɗi ne kawai. An mai gwajin maleriya kuwa?

Baban Yara: Ni ƙanina haka aka yi ta ba shi magani rabi da rabi, da ya ji sauƙi ya watsar, a sati na uku cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, ko taɓawa ba ya so a yi, ashe hanji ne ya ɓule sai da aka mai tiyata cikin dare. In kin ga haka ko baƙin kashi kar ki jira wani sakamako.

Hajjaju: Ɗan Lab amma ai allurar ta yi wa 'yata aiki, ni da idona na gani.

Ɗan Lab: Hajiya ban musa ba, kuma kin yi gaskiya sifro yana ta rauni a ƙasashe da dama. Amma haka aka yi da amoksil da seftirin da kuloramfenikol, aka yi ta sha barkatai har ƙwayar ta saba da su ukun. A lardin Sindh na Pakistan tun 2016 aka samu nau'in da ya fi ƙarfin waɗannan da sifro har da seftiriyazon ɗin, sai azitiromaisin ya rage a na haɗiya, sai allura mai tsada a gadon asibiti. Kuma kwana uku ba su isa taifod na gaske ba, in ta miƙe da wuri haka ni ina zargin dama ba shi ba ne.

Anti Zee: Ki dafa mai ganyen gwanda da na mangwaro da lemon tsami ya yi sirace, mu da shi muka tashi.

Maman Biyu: Ba a yi na maleriya ba wannan karon, mai kemis cewa ya yi tunda Widal ta nuna ba sai an yi ba. Zan koma wajen likitar da safe in tafi da kwalin maganin. Babansa dai har yanzu yana ganin kuɗin kalcar ya yi yawa, bari ya dawo daga masallaci in nuna mai wannan.