Na kasa raba laisosom da feroksisom daga hantar ɓera

Assalamu alaikum. Sau uku ke nan ina maimaita aikin nan, har yanzu jiya i yau.

Ina markaɗa hanta giram 5 a ruwan sukuros 0.25 M kan ƙanƙara, in juya a sentirifuj a 600g na minti 10, sai 3,000g, sannan 25,000g na minti 20. Abin da ya kwanta a ƙarshe nake ɗorawa kan sukuros mai hawa-hawan kauri. Katales nake bi don gane feroksisom, ta raguwar H₂O₂ a 240 nm; laisosom kuma asid fosfates a pH 5. Amma duk biyun a kaso ɗaya suke fitowa, don nauyinsu a sukuros ya yi kusa ƙwarai.

Abin da ya fi damuna: ko na zuba Triton X-100 na 0.1%, sinadarin da ke fasa fatar laisosom ya saki enzayim, aikin asid fosfates ɗin da ƙyar yake ƙaruwa. Ke nan fatar laisosom ta riga ta fashe, enzayim ya zube. Na rage markaɗen daga bugu 10 zuwa 4, bai canja ba.

Shin komawa ruwan Nycodenz maimakon sukuros zai raba su ba tare da sun fashe ba? Na gode.