Shin da gaske akwai giya a cikin burodi?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a. Jiya na kwaɓa fulawar burodi na rufe, wani uzuri ya fitar da ni sai bayan awa biyar na dawo. Ina ɗaga murfin roba wani wari ya bugi hancina kamar na giya. Na gasa dai, amma na kasa ci. Wai da gaske ne yis yana haifar da giya a kwaɓi, kuma tana saura a cikin burodin bayan an gasa?

Sagir: Wa alaikumus salam. Hajiya ki ci abinki, babu ko ɗigo. Yis yana fitar da ita kam, amma giya tana tafasa a digiri 78, shi kuwa burodi a digiri 200 ko fiye ake gasa shi. Kafin ya nuna ta gudu gaba ɗaya.

Baban Khalifa: Subhanallahi. Wato masu gidajen burodi giya suke zuba mana a ciki? Ni dama na daɗe ina zargin wannan laushin nasu.

Malama Rabi: A'a Baban Khalifa, ba abin da ta tambaya ke nan ba. Babu wanda ya zuba mata komai, a robarta ta kwaɓa da hannunta. Shi yis ɗin nan da muke gani kamar gari, halitta ce mai rai. Da ya samu ruwa da ɗumi sai ya farka ya shiga cin sukarin da ke cikin kwaɓin, har da wanda ke fitowa daga sitacin fulawar kanta. Abu biyu yake fitarwa: iskar da ke kumbura kwaɓin, da sinadarin etanol, wanda shi ne mai sa maye a cikin giya. Ba a samun ɗaya ba ɗaya. Duk burodin da yis ya tayar, to an yi etanol a cikinsa kafin ya shiga wuta. Kuma kusan raba daidai ake yi: giram 180 na sukari yana ba da giram 92 na etanol da giram 88 na iska.

Sagir kuma, rabin maganarka daidai ne. Digiri 200 ɗin nan zafin iskar tanda ne. Tsakiyar burodi ba ta kai ko digiri 100, saboda jiƙe take da ruwa, galibi a wajen 95 take tsayawa.

Sagir: To Malama ai 95 ma ya wuce 78. Maganata na nan.

Malama Rabi: Da etanol ɗin shi kaɗai yake zaune a tukunya, da na sallama maka. Amma gauraye yake da ruwa mai yawa, kuma idan ya gaurayu da ruwa ba ya tashi lokaci guda da an kai 78. Tare da tururin ruwan yake fita, a hankali, kuma sai ya ratso ta cikin tsokar burodin ya huda ɓawo. Ka duba abu ɗaya: burodin da ya fito daga wuta ai da danshi a cikinsa, ruwansa ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ko fiye. Ruwan da bai gama fita ba yana riƙe da ɗan abin da ya narke a cikinsa. Mafi yawa yana tafiya, wannan gaskiya ne. Amma “babu ko ɗigo” ba haka awo ya nuna ba.

Habu mai gashi: Ni shekara 14 ina aikin burodi, ban san lissafin Malama ba amma na san warin da Hajiya take faɗa. Idan kwaɓi ya wuce lokacinsa, musamman ranar zafi, kana ɗaga leda sai ya hau maka kai har ido ya yi ruwa. Alamarsa kuma a bayyane take: ka danna da yatsa, ramin ba zai ciko ba, wani lokaci ma kwaɓin ya sace ya zauna. In ka gasa shi haka ɓawon ba ya yin ja, fari fat yake fitowa, don yis ya cinye sukarin da zai ba shi launi. Hajiya, naki ya yi ja kuwa?

Maman Ilham: Wallahi Malam Habu kamar kana wurin. Fari ya fito, ga ɗan tsami-tsami. Ni na ɗauka wutar ce ta yi kaɗan.

Habu mai gashi: Ba wuta ba ce, awa biyar ɗin ce. Awa ɗaya zuwa biyu ya ishe shi tashin farko in ɗakin da ɗumi. In kin san za ki daɗe a waje, ki rage yis ko ki sa kwaɓin a firji.

Malama Rabi: Bari mu yi lissafin da kwaɓi irin nata, don kalmar “akwai” ba ta gaya wa mutum komai sai an ce nawa. Mu ƙaddara fulawa kilo 1, da ruwa da sauran kayan haɗi kwaɓin ya kai giram 1,650. Mu ƙaddara yis ya cinye giram 30 na sukari, wanda ba ƙaramin ci ba ne. Rabinsa ya zama etanol, giram 15 ke nan. Wato tun yana ɗanye ma bai cika kashi 1 cikin 100 na kwaɓin ba. Hanci ne dai ke da saurin kama shi, don yana taruwa a ƙarƙashin murfi ya fito maka gaba ɗaya.

Yanzu a gasa. Ko da kashi ɗaya cikin biyar ne ya maƙale, giram 3 ne a cikin burodi mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, wato wajen giram 0.2 a kowane giram 100. Ƙaramar kwalbar giya mai mililita 330 da ƙarfin kashi 5 tana ɗauke da giram 13. Sai mutum ya cinye burodi kilo shida da rabi kafin ya tara wannan. Ita kuma hanta ba jira take yi ba, tana narkar da wajen giram 7 a kowace awa. Cikin mutum zai ƙi karɓa tun kafin abin ya taru a jini.

Sagir: Wannan duk “mu ƙaddara” ne Malama. An taɓa aunawa?

Malama Rabi: An auna. A 2016 wasu masu bincike a jami'ar Kaiserslautern ta Jamus suka auna abincin da yara ke ci kullum wanda ba a rubuta masa giya a jiki ba. A wasu ƙananan burodi masu laushi da ake sayarwa a leda, irin na boga da mai madara, sun samu fiye da giram 1.2 a kowane giram 100. Wannan ya fi lissafina sau shida, shi ya sa ban yarda a ce babu ba. A binciken nan sun samu har giram 0.77 a lita ɗaya ta ruwan 'ya'yan itace irin su lemo da tuffa da inabi, ayaba nunanniya ma da ɗan nata.

Baban Khalifa: To kun gani! Akwai ke nan. Kuma hadisi ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Ni dai daga yau na bar shi.

Malam Isiyaku: Sannu Baban Khalifa, Allah ya ƙara mana tsoronsa. Hadisin ingantacce ne, amma ka sake duba lafazinsa. “Abin da mai yawansa ke sa maye.” Abin da ake tambaya a kansa a nan burodi ne. Shin mai yawan burodi yana sa maye? Malama ta nuna maka ba ya yi, kuma ba mu taɓa jin wanda ya bugu da shi ba. Hadisin yana hana kurɓar giya ne, don kada wani ya ce ai cokali ɗaya ba ya bugarwa. In muka ɗauke shi yadda ka ɗauka, ayaba da lemo ma sun tafi, har da khal, wanda Annabi (SAW) ya yaba, alhali daga abin da ya fara zama barasa yake samuwa.

Baban Khalifa: Na ji Malam. Amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Malam Isiyaku: Wannan tsakaninka da zuciyarka ne, ba wanda zai tilasta maka ci. Haramta wa wasu ne dai ke buƙatar hujja.

Zulai: Ni tambayata daban ce. Wata 'yar'uwata da ta zauna a Italiya ta ce burodin yanka-yanka na leda a can, a jikin ledar ake rubuta cewa an fesa masa etanol a sama. Shi ma yis ɗin ne?

Malama Rabi: A'a, wannan hanya ce ta biyu, kuma gaskiya ta faɗa miki. Wasu kamfanoni suna fesa etanol kaɗan a kan burodin kafin su rufe leda don kada ya yi funfuna da wuri. Shi ne ake jin warinsa da an buɗe ledar. Ba daga kwaɓi ya fito ba, kuma bai bi ta wuta ba balle ya ragu. Wanda bai so, ya karanta jerin kayan haɗin da ke jikin leda.

Baban Khalifa: Ashe dai ban yi ƙarya ba da na ce ana zubawa!

Habu mai gashi: Wasu, Alhaji, wasu. Kada ka haɗa da mu. Mu namu kwana biyu ya yi ya ƙare, me za mu fesa masa?

Malam Isiyaku: Wannan na fesawar mas'ala ce dabam da wadda Hajiya ta kawo, don da gangan aka sa shi. A nan malamai sun saɓa. Wasu suna duba inda etanol ɗin ya fito da kuma cewa ba ya kai ga maye, wasu suna ƙin duk wanda aka ƙara da hannu. Ba zan yanke a nan ba.

Sagir: Na janye “ko ɗigo”. Amma har yanzu ina ganin in aka sake gasa yanka a wuta har ya bushe ya yi ƙaras-ƙaras, babu abin da zai saura.

Malama Rabi: Zai ƙara raguwa ƙwarai, tunda yanka siriri ne kuma ruwan ne ke fita. “Babu” ɗin ce dai ba zan sa hannu a kanta ba. Wanda yake son wanda ba a yi etanol a cikinsa ba tun farko, sai ya nemi wanda aka tayar da bekin foda ko soda, don su ba rai gare su ba, iska kawai suke saki. Mai tsamin nan da ake tayarwa da tsohon kwaɓi bai fita ba, akwai yis na daji a cikinsa.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. To farin burodin nan nawa na jiya, yana nan a rufe a roba tun da zafinsa. In ba yara ko in zubar?

Habu mai gashi: Kin ga wani kuskuren. Ba a rufe burodi da zafi, sai ya huce a sarari tururin ya gama fita, in ba haka ba ya yi gumi ya riƙe wari, funfuna kuma ta zo da wuri. Ki duba shi da kyau, in babu tabon funfuna ki yanka ki ɗan gasa a kasko. Tsamin dai ba zai fita ba.